RSI ɗin Excel ɗina ya ƙi daidaita da na waya

Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ina ɗan taɓa hannun jari ta waya wajen shekara biyu kenan. Ban iya kodin ba ko kaɗan, amma ina ɗan iya Excel saboda lissafin shago. So nake in riƙa fitar da MA da RSI da kaina, na gwada wani fomula da wani yaro ya rubuto min amma lambar da nake samu daban, wadda manhajar wayata ke nunawa daban. Ina matsalar take, kuma yaya ake haɗa shi tun daga farko?

Wa alaikumus salam Alhaji. Tun kafin in ga fayil ɗinka zan iya cewa yaron nan AVERAGE ya sa maka tun daga sama har ƙasa a wajen RSI, kusan kowa haka yake farawa, ni ma haka na yi. Amma bari mu gina abin daga tushe, in mun iso wurin za ka gani da idonka.

Buɗe sabon shafi, Excel ko Google Sheets duk ɗaya ne a wannan aikin. Don kar mu ruɗe, na kwance masu lamba 1, 2, 3 zan riƙa ce musu sahu, na tsaye masu A, B, C kuma layi. Sahu na 1 na sunaye ne kawai. Layin A kwanan wata, layin B farashin da kasuwa ta tashi a kai ranar, wato wanda ake rubuta Close a kansa. Tsohuwar rana a sama, sabuwa a ƙasa. Wannan kar ka yi wasa da shi, domin yawancin wuraren da ake sauko da tarihin farashi na jiya suke sawa a sama, in ka zuba shi haka nan fomula ba zai yi ƙorafi ba, zai ba ka lamba mai kyan gani, alhali ranar da farashi ya hau ya lissafa ta a matsayin faɗuwa. Kafin komai ka jera su da Sort, tsoho zuwa sabo, kuma ka haɗa layin A da B tare wajen jerawar kar kwanan wata ya rabu da farashinsa.

Ga farashin da za mu yi aiki da shi, ni na ƙirƙire shi don koyarwa, ba na wani kamfani ba ne. Ka zuba su daga B2 zuwa B16, guda 15 ne:

```
50.00  51.00  50.50  52.00  53.00
52.00  52.50  54.00  53.50  55.00
54.00  54.50  56.00  55.50  56.30
```

MA, wato Moving Average, matsakaicin farashi na kwanakin baya, shi ne mai sauƙin. Ka tara farashin kwanakin baya ka raba da adadinsu, gobe ka yar da mafi tsufa ka ɗauki sabo, shi kenan. Mu yi na kwana 5 tunda lambobinmu ba su da yawa. Ba a farawa daga C2 domin a can ba ka da kwana biyar a bayanka, wurin farko da suka cika biyar shi ne sahu na 6. A akwatin C6 ka rubuta:

```
=AVERAGE(B2:B6)
```

Zai ba ka 51.30. Sai ka kama ɗan ɗigon nan da ke kusurwar akwatin ta ƙasa ka ja shi ƙasa. Danna C7 ka duba, ya kamata ka ga ya koma B3:B7 da kansa, amsar kuma 51.70. In ka ga 51.42 to akwai alamar dala a ciki, wani abu kamar `$B$2:B7`, ita wannan alamar ƙusa ce, ta kafe farkon a wuri ɗaya sai ƙarshen kawai ke tafiya, kaga ya zama matsakaicin duk kwanakin tun ranar farko ba na kwana biyar ba. Cire ta. In na kwana 20 kake so sai ka fara daga sahu na 21 da B2:B21, na 50 daga sahu na 51. In Excel ɗinka ya ƙi karɓar fomula mai waƙafi a tsakiya, saitin ƙasa ne na kwamfutar, gwada `;` a madadin `,` ka gani.

Abu ɗaya game da AVERAGE da ya taɓa cin kuɗina, shiru gare shi. In akwai akwatin da ba komai a ciki, ko farashin ya shigo a matsayin rubutu ba lamba ba (yana faruwa in ka kwafo daga waya ya zo da alamar naira ko wani fili a gaba), tsallake shi yake yi ya raba da abin da ya rage, ba zai faɗa maka ba. Kana ganin MA na kwana 5 ne ashe na 4 ne. Yadda ake ganewa, lamba ta gaskiya tana jingina da dama a cikin akwati, rubutu yana jingina da hagu. In kana son tabbaci rubuta `=COUNT(B2:B16)` a gefe, in bai ce 15 ba akwai ɓaragurbi a ciki.

To yanzu RSI, wato Relative Strength Index, ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi. Wani Ba'amurke J. Welles Wilder ne ya fito da shi a 1978, lokacin da mutane ke yin lissafin nan da biro da takarda da ɗan kalkuleta, wannan ya sa ya tsara shi yadda ba sai ka sake tara komai kullum ba, kuma nan ne asalin bambancin da kake gani. Tambayar da RSI ke amsawa ita ce, cikin duk motsin da farashi ya yi kwanakin nan, kashi nawa ne hawa? Saboda haka sai mun ware hawa daban, sauka daban. Layi uku za mu buɗe, D na canji, E na hawa, F na sauka, dukkansu daga sahu na 3 tunda ranar farko ba ta da jiya:

```
D3:  =B3-B2
E3:  =MAX(D3,0)
F3:  =MAX(-D3,0)
```

Ja su ƙasa har sahu na 16. MAX ɗin nan cewa yake ɗauki wanda ya fi girma tsakanin canjin da sifili, in farashi ya hau E ya ɗauka F ya zama 0, in ya faɗi F ya ɗauka. Lura da ɗan layin ragewa da ke gaban D3 a cikin F, shi ke mayar da faɗuwar naira ɗaya ta zama 1 maimakon -1. Layin F bai kamata ka ga lamba mai alamar ragewa a cikinsa ba ko ɗaya, in ka gani to fomulan ba daidai yake ba kuma RSI zai iya haura 100 ko ya faɗa ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Sifilin nan ma a bar su, kar ka goge don shafi ya yi kyau, in ka goge AVERAGE zai raba da ranakun hawa kaɗai maimakon 14.

Farashi 15 ya ba mu canji 14, shi ya sa na ba ka 15 ba 14 ba. In ka tara layin E za ka samu 9.80, layin F kuma 3.50. Ɗan gwaji, 9.80 a cire 3.50 saura 6.30, kuma daga 50.00 zuwa 56.30 ai 6.30 ne, kaga lissafi ya hau. A sahu na 16 ne za mu yi matsakaicin farko, G na hawa, H na sauka, I kuma RSI ɗin kansa:

```
G16:  =AVERAGE(E3:E16)
H16:  =AVERAGE(F3:F16)
I16:  =IF(H16=0,100,100-100/(1+G16/H16))
```

G16 zai zama 0.70, H16 0.25. Ka raba 0.70 da 0.25 ka samu 2.8, wato hawa ya ninka sauka kusan sau uku, RSI ya fito 73.68. IF ɗin da na sa a gaba don ranar da aka yi kwana 14 ba faɗuwa ko sau ɗaya ne, H ya zama sifili, ba a raba abu da sifili, sai Excel ya watso maka `#DIV/0!`. A irin wannan hali amsar 100 ce.

Nan ne wurin da yaronka ya kauce. G16 da H16 ba a jan su ƙasa. AVERAGE sau ɗaya tak ake amfani da shi a RSI, don a samu abin farawa, kamar dai tsimin da ake zubawa a kunna sabon nono. Daga sahu na 17 fomula daban ne:

```
G17:  =(G16*13+E17)/14
H17:  =(H16*13+F17)/14
```

Waɗannan biyun su ake ja har ƙasa. I16 shi kam ja shi yadda yake, haka D da E da F da C. Ma'anar fomulan, ɗauki matsakaicin jiya ka ba shi kaso 13, abin da ya faru yau ka ba shi kaso 1, ka raba da 14. Mutumin da ke lissafi da hannu lamba biyu kawai zai riƙe daga jiya, ba sai ya koma ya tara kwana goma sha huɗu ba.

Mu gwada. A B17 sa 54.90, farashi ya faɗi da 1.40. G17 zai zama 0.65, H17 kuma 0.3321, RSI 66.18. Da a ce AVERAGE ka ja ƙasa da 64.23 za ka gani. Bambancin maki biyu ne kawai a nan amma a kasuwa mai tsalle-tsalle yana fin haka nesa, har ɗaya ya ce maka an haura 70 ɗayan ya ce ba a kai ba. Yanzu ga gwajin da na fi so, da shi za ka gane wane iri ne a kowane fayil aka ba ka. A B18 sake sa 54.90, wato farashi bai motsa ba ko kwabo. Na Wilder zai tsaya cak a 66.18, domin hawa da sauka duk an rage su daidai wa daida. Na AVERAGE kuwa zai tashi daga 64.23 zuwa 66.67. Me ya ɗaga shi alhali ba abin da ya faru a kasuwa? Faɗuwar sulai biyar ɗin nan ta B4, ta kwana 14 da suka wuce, ita ce ta fita daga lissafi. Lamba ta motsa saboda tsohon labari, ba don na yau ba. Ba wai haramun ba ne, akwai masu amfani da wannan nau'in da gangan, amma shafin kallon farashi na TradingView da yawancin manhajojin waya na Wilder suke nunawa, in kana son naka ya yi daidai da nasu shi za ka bi.

Ko ka gyara wannan, kar ka yi mamaki in a sahun farko-farko lambarka ba ta yi daidai da ta waya ba. Dalili, tsarin Wilder ba ya mantuwa gaba ɗaya, kowace rana tsohon lissafi yana raguwa ne da kashi ɗaya cikin 14 amma bai ɓacewa. Kai ka fara daga sati uku da suka wuce, ita manhajar ta fara daga shekaru. Bayan kwana 14 tasirin wurin da ka fara yana nan wajen kashi 35 cikin ɗari, bayan kwana 50 ya dawo kamar kashi biyu da rabi, bayan kwana 100 bai kai a yi maganarsa ba. Don haka ni nakan ce a zuba farashin kwana 100 zuwa sama, a yi watsi da lambobin sama, a kwatanta na can ƙasa kawai. In na ƙasan sun yi daidai da na waya ko sun bambanta da ɗan abin da ke bayan ɗigo, aikinka ya yi.

In kuma har yanzu da tazara mai yawa, matsalar ba fomula ba ce, data ce. Duba ko wayar tana kan zanen kwana ɗaya ne, 1D, ba na awa huɗu ba, sau da yawa nan ne. Duba ko kana kwatantawa da ranar da ba a tashi kasuwa ba tukuna, RSI na yau yana ta motsi har sai an rufe. Ranakun da kasuwa ba ta ci ba, Asabar da Lahadi da hutun sallah, kar ka buɗe musu sahu kwata-kwata. In ka bar farashin ba komai, `=B3-B2` zai ɗauka farashi ya faɗi zuwa sifili ya sake tashi, RSI ya haukace na makonni, in kuma ka maimaita farashin Juma'a to MA ɗinka ya lalace tunda Juma'a ta shiga sau uku. Masu kirifto su ba su da hutu, amma ranarsu a yawancin wurare tana rufewa ƙarfe 12 na dare agogon UTC, ƙarfe ɗaya na dare kenan a nan Zariya, wanda ke rubuta farashi bayan isha'i ba zai taɓa samun daidai ba. Sai kuma ranar da aka zaftare farashi saboda rabon riba ko bonas, a takarda faɗuwa ce babba amma ba wanda ya gudu daga hannun jarin, wasu wuraren suna gyara tsohon farashi saboda haka wasu ba sa yi, ka tabbata daga wuri ɗaya kake ɗebo duka.

Akwai wata matsala ta kasuwarmu ta nan da littattafan waje ba su cika damuwa da ita ba. Wasu ƙananan kamfanoni a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, sai su yi sati biyu uku farashi bai motsa ba saboda ba ciniki sosai. In ka fara lissafi a irin wannan lokacin G da H duk sifili ne, IF ɗinmu zai ce 100, ka ɗauka kasuwa ta yi zafi alhali barci take. Kuma ko daga baya, motsi ɗaya bayan dogon shiru sai ya wurga RSI sama ko ƙasa sosai. A irin waɗannan ni ba na kallon RSI sam.

Koma kan layin C ka ga wani abu. A sahu na 16 MA 55.26 ne, a sahu na 17 ranar da farashi ya faɗi zuwa 54.90 sai MA ya hau zuwa 55.44. Ba kuskure ba ne, 54.00 ce ta fita 54.90 ta shigo, dole ya ƙaru. MA kullum a baya yake kamar amalanke bayan jaki, na kwana 20 ya fi wannan nauyin jiki, na 50 ba a magana. Abin da zai faɗa maka shi ne yau farashi ya koma ƙasan matsakaicinsa, ba zai faɗa maka gobe ba. Haka maganar 70 da 30 da kowa ke yi, cewa in RSI ya haura 70 an yi saye da yawa in ya sauka ƙasa da 30 an yi sayarwa da yawa. Wilder ne ya kawo iyakokin, amma hannun jarin da ke tashi da gaske yana iya zama saman 70 makonni yana ƙara hawa. Na taɓa sayar da wani da na riƙe wata shida ranar da na ga 72, ina zaune ina kallo ya ci gaba da tafiya ba ni, abokina da muke shan shayi tare a Samaru har yau in ya gan ni sai ya ce ya 72. A misalinmu 73.68 ta zo washegari aka faɗi, amma ai ni na rubuta lambobin.

Wani abu kuma, sunan nan yana ruɗa mutane. RSI yana kwatanta kamfani ne da kansa, hawansa da saukarsa. Akwai wani auna ƙarfin daban wanda ke kwatanta kamfanin da kasuwa gaba ɗaya, kuma ga mai riƙe hannun jari na watanni irinka ina ganin ma ya fi amfani. A layin K zuba lambar All-Share Index, ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, ta kowace rana, kwanan wata ya yi daidai da na layin A sahu da sahu, sai a L2:

```
=(B2/$B$2)/(K2/$K$2)*100
```

Nan alamar dalar da na hana ka ɗazu ita ake so, domin kowace rana da ranar farko ake auna ta. Zai fara da 100. A ce kasuwa ta tashi daga 100,000 zuwa 112,000 a kwanakin nan, kashi 12 kenan, naka kuma daga 50.00 zuwa 54.90, kashi 9.8, L17 zai nuna 98.04. Ka ci riba, RSI yana 66 yana ta murmushi, amma kasuwa ta wuce ka. In layin L yana ta gangarowa wata da watanni, kuɗinka yana wurin da bai kai sauran ba.

Ranar da za ka ƙara sabon farashi, rubuta kwanan wata da farashi a sahu na gaba, ka zaɓi daga C zuwa I na sahun da ke sama ka ja ƙasa taki ɗaya. Kar ka taɓa goge tsofaffin sahu na sama don rage tsawo, G da H kowanne yana rataye ne da na samansa har zuwa sahu na 16, in ka cire shi duk layin zai koma `#REF!`. In sun dame ka ɓoye su da Hide. Kamfani na biyu kuma kar ka cusa shi a gefe, kwafi shafin gaba ɗaya ka canza layin A da B kawai, sannan ka sake COUNT ɗin nan. In ka haɗa, fara zuba lambobina 15 ɗin ka ga ko 73.68 da 66.18 sun fito kafin ka sa na gaske, in ba su fito ba turo min hoton abin da ke cikin G17 da F4.